Rariya Ba Ta Haifar Da Tsaki: Zaɓin Yanayi da Turjiyar Ƙwayar Kwalara ga Magani, Daga Mahangar Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala tana bayanin zaɓin yanayi ta hanyar bin ƙwayar cuta guda ɗaya, wato Vibrio cholerae mai haddasa amai da gudawa, da yadda ta daina jin wasu magunguna. An zaɓe ta ne domin mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san ta a gidajensu. Hujjar maƙalar ita ce magani ba ya koya wa ƙwayar cuta turjiya, tankaɗe ta yake yi. An yi lissafin wannan tankaɗe a cikin majinyaci ɗaya, an gwada shi da abin da aka auna a Tanzaniya da Bangaladesh, sannan an nuna inda lissafin ya gaza bayyana abin da aka samu a Nijeriya.

Gabatarwa



Akwai maganar da duk mai zama kusa da kemis ya saba ji: "Canza mini wani, jikina ya saba da wannan." Ɗalibin da ya ɗan yi karatu yakan gyara ta ya ce a'a, ƙwayar cutar ce ta saba da maganin. Gyaran nasa ya rage kuskure, amma bai kawar da shi ba. Sabo abu ne da ke faruwa ga rai guda a tsawon zamansa, kamar yadda baƙo ke sabawa da zafin Shinkafi a watan Afrilu. Abin da ke faruwa ga bakteriya daban ne. Wadda magani ya samu tana jin sa, mutuwa take yi, ba ta samun damar sabawa da komai. Abin da ke sauyawa shi ne su wane ne suka saura.

Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a 1858, Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859. Na san kalmar tana sa wasu ɗalibai ɗaure fuska, domin suna jin an taɓo muhawarar asalin ɗan'adam. Ba can za mu ba. Abin da ke gabanmu ana iya shuka shi a faranti yau, a ƙirga shi gobe da safe.

Sharuɗɗan al'amarin

Uwargida ta ɗauki mudun gero wanda ƙwayar dawa goma suka faɗa ciki, ta zuba a rariyar da idonta ke wuce gero amma ba ya wuce dawa. Bayan ta girgiza, abin da ya rage a sama dawa ce zalla. Ba wanda zai ce rariya ta mai da gero dawa. Dawar tana nan tun farko, yawan gero ne ya ɓoye ta. Idan kuma aka shuka abin da ya rage, gonar baɗi ta dawa ce.

A wannan ɗan misali akwai duk abin da zaɓin yanayi ke bukata. Dole a sami bambanci tsakanin ɗaiɗaiku. Dole bambancin ya zama na gado, yadda ɗa zai ɗauko na uwa. Dole kuma bambancin ya shafi wanda zai rayu ya hayayyafa. In ɗaya ya ɓace, babu zaɓi. Kalmar "zaɓi" kanta tana da ɗan ruɗi, domin tana sa a zaci akwai niyya. Manomin da ke ware zangarniyar iri yana da niyya. Rariya ba ta da ita, kuma maganin kashe bakteriya rariya ne.

To, ta yaya aka tabbatar cewa masu turjiyar suna nan kafin magani ya zo? Joshua da Esther Lederberg sun amsa wannan a 1952 da ƙyallen karan-miski. Sun shuka bakteriya a farantin da babu magani, suka danna ƙyallen a kansa, sannan suka danna shi a kan wasu farantai masu maganin sitireftomaisin, kamar mai buga hatimi. A kowane faranti, 'yan tsirarun da suka tsiro sun fito ne a gurbi iri ɗaya. Da suka koma farantin farko suka ɗebo daga wannan gurbi, sai suka iya ware zuriyar da ba ta jin maganin, alhali ita da kakanninta ba su taɓa haɗuwa da shi ba.

Ƙwayar da maganin

Kwalarar da muke fama da ita yanzu, nau'in El Tor, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a ƙasar, mafi yawansu a Arewa, Zamfara na cikin jihohin da suka sha wuya. A daminar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tallafa wa wuraren jinyar kwalara a Zurmi da Shinkafi da Talata Mafara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rijiyoyi marasa murfi, ruwan gulbin Gagare da na Bunsuru idan sun kawo, da cunkoson waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka zuwa cikin gari.

Sai a lura da abu ɗaya kafin mu ci gaba. Abin da ke ceton mai kwalara ruwa ne, na gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ta jijiya. Maganin kashe bakteriya taimako ne ga mai tsananin ciwo, yana rage kwanakin gudawa da yawan ƙwayoyin da yake zubarwa. Wannan rage zubarwar ita ce ƙofar da zaɓi ke shigowa, kuma za mu dawo kanta.

Maganin da za mu bi shi ne sifurofulokzasin, wanda kowa ke kira sifro. Kundin gadon bakteriya, wato DNA, dogon zare ne a murɗe. Duk lokacin da ƙwayar za ta rabu biyu sai ta kwafe zaren, kuma kwafewar tana ƙara masa murɗiya kamar igiyar guga. Akwai wani sinadarin aiki a cikinta da ke yanka zaren, ya warware murɗiyar, ya sake ɗinkewa. Sifro yana shiga daidai lokacin da aka yanka, ya maƙale, ya hana ɗinki. Zare ya tsinke, ƙwaya ta mutu.

Umarnin ƙera wannan sinadari yana rubuce a wani yanki na kundin da ake kira gyrA. Idan aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafe shi, tubali na 83 a jikin sinadarin yakan sauya, abin da masana ke rubutawa S83I. Sinadarin yana ci gaba da aikinsa, amma gurbin da magani ke kamawa ya canza siffa. Ƙwayar da ta sami wannan ba ta jin nalidiksik, tsohon ɗan'uwan sifro, kuma tana bukatar sifro fiye da na da kafin ta tsaya. Akwai sinadari na biyu mai irin wannan aiki, umarninsa a parC. In shi ma ya sami nasa kuskuren, S85L, sai tazarar ta ƙaru sosai. Waɗannan biyun, a tare, su ne masana na Cibiyar Pasteur ta Paris suka samu a ƙwayoyin annobar 2009 ta arewa maso gabashin Nijeriya da arewacin Kamaru.

Lissafin majinyaci ɗaya

Alƙaluman wannan sashe na misali ne, an daidaita su domin sauƙin lissafi, amma girmansu bai yi nisa da na gaskiya ba. Gudawar mai kwalara, wadda ke kama da ruwan wankin shinkafa, tana iya ɗaukar ƙwaya miliyan 10 ko fiye a kowace mililita, kuma mai tsananin ciwo yana iya zubar da lita 10 a yini. Mu ce ke nan yana ɗauke da ƙwaya biliyan 100. Kuskuren kwafi a harafi guda takamaimai yana faruwa kamar sau ɗaya cikin biliyan 10. Abu ne mai wuyar gaske, amma idan aka raba biliyan 100 da biliyan 10, goma ake samu. Wato tun kafin majinyacin ya haɗiyi komai, akwai kamar ƙwaya goma a hanjinsa masu kuskuren gyrA. Su ne dawar cikin geronmu.

Masu kuskure biyu a lokaci ɗaya fa? Sai a ninka wuyar da wuyar: ɗaya cikin biliyan 10 sau biliyan 10. Ko an tara majinyatan Zamfara duka ba za a kai wannan adadi ba. Saboda haka mai kuskure biyu ba ta faɗowa haka nan. Sai dai a hau mataki-mataki, kuma ba a hawa na biyu sai zuriyar da ke kan na farko ta yi yawa.

Yanzu mu ba shi magani ta hanya uku. In ba a ba shi komai ba, goman nan ba su da wani fifiko, suna nan ɗaya cikin biliyan 10, kuma galibi za su bi gudawa su ɓace. In an ba shi cikakken ƙarfin da ya fi ƙarfin masu kuskure ɗaya, duka za su mutu, gero da dawa. Matsalar tana tsakiya, inda ƙarfin maganin ya isa kashe na asali amma bai isa tsayar da masu kuskure ba. Ana faɗawa wannan tsakiya ta hanyoyin da muka sani: an sayi ƙwaya biyu maimakon abin da aka rubuta domin kuɗin ke nan, an raba ta babba ga yara uku, maganin jabu ne ko ya sha rana a tire ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ko majinyaci ya amayar da rabinsa. Akwai ma wadda ba a cika lura da ita ba: shan sifro tare da madara ko maganin gyambon ciki ko na ƙarin jini yana ɗaure shi ya rage masa aiki.

Mu ɗauka a wannan tsakiyar na asali suna raguwa da rabi kowace awa, masu kuskure kuma suna ninkuwa biyu kowace awa. Rabon da ke tsakaninsu yana sauyawa ninki huɗu ke nan a awa:

```
R(t) = R(0) × w^t
R(0) = 10 / 100,000,000,000
w = 2 / 0.5 = 4
```

A nan R shi ne yawan masu turjiya a kan yawan masu jin magani, w kuma fifikon da magani ya ba su. Bayan awa 10, na asali sun sauko zuwa kamar miliyan 98, masu kuskure sun kai 10,240. Wannan ne lokacin da ya fi yaudara. An kashe fiye da 999 cikin kowace 1,000, gudawa ta lafa, 'yan'uwa suna cewa magani ya karɓe shi. In aka ɗebi samfuri aka gwada a lokacin, sakamakon zai ce ƙwayar tana jin magani, domin har yanzu masu turjiya ɗaya ne cikin kusan dubu goma. Bayan awa 17 labari ya juya: na asali kamar 763,000, masu kuskure miliyan 1.3. Bayan awa 24 na asali ba su kai 6,000 ba, masu kuskure sun kusa miliyan 168. A awa ta 30 sun haura biliyan 10, kuma wannan shi ne adadin da ake bukata kafin a sa ran ɗaya daga cikinsu ta yi kuskuren parC. Matakin da ya gagara jiya ya zama mai yiwuwa yau.

Ku duba, a duk tsawon awa 30 ɗin nan babu ƙwaya ɗaya da ta sauya hali saboda ta ga magani. Wasu sun mutu, wasu sun haihu. Jimillar ce ta sauya.

Jikin mutum ba kwalbar gwaji ba ce, dole a faɗi haka. Gudawa tana wanke hanji, garkuwar jiki tana tasowa, akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi masu cin bakteriyar kwalara a cikin hanjin. Ba kowane mai shan rabin magani ne ke haifar da sabuwar zuriya ba. Mafi yawa ba sa yi. Amma idan an maimaita cacar sau dubbai a kowace annoba, wani zai ci.

Abin da aka auna a fili

Zaɓin da ya fi tasiri yana faruwa ne tsakanin majinyata. Wanda ƙwayarsa ke jin magani yana daina zubar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda tasa ba ta ji yana ci gaba da zubarwa kwanaki. Rijiyar unguwa tana karɓar na biyun fiye da na farkon, kuma masu kamuwa a zagaye na gaba daga rijiyar suke sha.

An ga wannan ƙarara a Tanzaniya a annobar da ta fara a ƙarshen 1977. An raba tetarasaikilin, kafson nan da muke kira ja da yalo, ga marasa lafiya da masu lafiya a matsayin rigakafi, kusan tan 1.8 cikin wata biyar. A watan farko ƙwayoyin da aka gwada duka suna jin maganin. Bayan wata biyar, kashi 76 cikin 100 ba sa ji. Mu sa wannan a lissafinmu. Kashi 76 a kan 24 ya ba da R kamar 3.2. In muka ƙaddara cewa a farko masu turjiya ɗaya ne cikin 1,000, adadin da gwajin 'yan samfura ba zai gano ba, to R ya ninku fiye da sau 3,000 a wata biyar, wato kamar ninki biyar kowane wata. In ɗaya cikin 100 ne, ninki uku da ɗan ƙari ya wadatar. Fifikon da ake bukata ba wani gagarumi ba ne. Maimaituwarsa ce ke yin aikin.

Sifro ma ya bi wannan hanya a Bangaladesh, sai dai a hankali. A shekarun 1990, shan sa sau ɗaya yana warkar da fiye da tara cikin goma na manya masu kwalara a Dhaka. A gwajin da aka buga a 2006 a birnin, ya yi aiki ga kashi 27 cikin 100 kawai, azitiromaisin kuma ya yi ga kashi 73. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙwayoyin nan, bisa ma'aunin ɗakin gwaji na lokacin, ana lissafa su cikin masu jin sifro. Ƙarfin da ke tsayar da su ya hau ninki-ninki, amma bai ƙetare layin da aka ja ba. Gadon asibiti ya riga takardar sakamako sanin gaskiya.

Inda misalin ya gaza

Da zan tsaya nan, mai sauraro zai fita da tunanin cewa ƙwayar da ke Zurmi ta sami turjiyarta ne a kemis ɗin Zurmi. Shaida ba ta nuna haka ba. A 2017 François-Xavier Weill da abokan aikinsa sun karanta kundin gadon ƙwayar kwalara fiye da 1,000, suka nuna cewa an shigo da ita Afirka aƙalla sau 11 tun 1970, kuma zuriyoyin baya-bayan nan daga Asiya suka zo da turjiyarsu a jiki, suka maye gurbin masu jin magani. Kurakuran nan biyu na annobar 2009 baƙi ne. An tankaɗe su a wata ƙasa, matafiya suka kawo. Aikin rariyarmu shi ne yanke hukuncin ko baƙon zai zauna ya yi yawa. Sauyin da ƙaura ta kawo da wanda zaɓi ya kawo abubuwa biyu ne, ko da yake a takardar sakamako kamarsu ɗaya.

Gazawa ta biyu ita ce gadon bakteriya ba daga uwa kaɗai yake zuwa ba. Ƙwayoyin da aka samu a annobar 2009 da 2010 a Nijeriya suna ɗauke da wani guntun kundi mai suna SXT, wanda aka fara ganowa a ƙwayar da aka samu a Madras ta Indiya a 1992. Guntun yana ɗauke da umarnin turjiya ga seftirin da sitireftomaisin a dunƙule, kuma yana iya tsallakawa daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Dawa ba ta iya ba gero halinta a cikin mudu. Bakteriya tana iyawa. Wani bincike na 2004 ya ƙara nuna cewa sifro, ta hanyar tsinka zaren gado, yana tayar da wannan guntu ya ƙara yawan tsallakensa. A nan dole in sassauta hujjata kaɗan: magani yana iya ƙara yawan bambancin da ake samu. Abin da ba ya yi shi ne tsara bambancin ya dace da bukata. Guntun da sifro ya tayar ba ya kare ƙwaya daga sifro.

Daga wannan kuma wani abu ya biyo baya da ya shafe mu kai tsaye. Tun da guntu ɗaya yana ɗauke da turjiya ga magunguna da yawa, amfani da ɗaya ya isa ya riƙe sauran. Kuma ƙwayar kwalara baƙuwar kwana kaɗan ce a hanji. Mazauna hanjin na dindindin su ne ke shan tankaɗe duk lokacin da aka sha sifro saboda "maleriya da taifot" ba tare da tabbaci ba, ko aka zuba ja da yalo a ruwan kaji. Su ne rumbun da baƙuwar ke iya ara daga gare shi.

Yadda ake ganewa

Alamar farko a ɗakin jinya take: gudawar da ta zarce kwana biyu bayan magani, a majinyata da yawa a jere. Majinyaci ɗaya ba hujja ba ne, domin amai ko jabun magani na iya bayyana nasa.

Tabbatarwa aikin faranti ne. Ana ɗaukar samfurin bayan gida kafin a ba da magani, a sa shi a kwalbar Cary-Blair domin ya jure tafiya. A shuka shi a farantin TCBS, inda ƙwayar kwalara ke fitowa rawaya. Daga nan a shimfiɗa ta a farantin Mueller-Hinton, a ɗora ƙananan faya-fayan takarda masu magani, a bar shi awa 16 zuwa 18 a zafin digiri 35. Maganin da ke aiki yana barin fili kewaye da faifansa, a auna faɗin filin da milimita. Darasin Dhaka shi ne kada a dogara da faifan sifro shi kaɗai. A ɗora na nalidiksik kusa da shi: in ƙwayar ta tsiro har jikin wannan faifai, an hau matakin farko, ko da filin sifro yana da faɗi. Kuma a rubuta milimitar kanta a littafi, kada a taƙaita da "tana ji" ko "ba ta ji", domin filin da ke tsukewa da milimita biyu kowace shekara yana ba da labari tun kafin a ƙetare layi.

Maganin da ake fara ba mai tsananin kwalara a yau shi ne doksisaikilin, miligiram 300 sau ɗaya ga babba, kuma ɗan gidan su ja da yalo ne, maganin da aka rasa cikin wata biyar a Tanzaniya. Shawarata ga masu bincike a wannan yanki ƙarama ce. A kowace annoba, a ɗebi samfuri biyar zuwa goma a makon farko daga Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a sake ɗiban irinsu kowane wata har ta lafa, a aika kashi ɗaya ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, a daskarar da sauran tare da kwanan wata da sunan gunduma. In turjiya ta bayyana tun a samfuran makon farko a garuruwan uku lokaci ɗaya, shigo da ita aka yi. In babu ita a farko, sai ta riƙa hawa wata bayan wata, kuma ta fi saurin hawa a garin da aka fi rabon kafso ga masu lafiya, to tankaɗen a nan ake yin sa, kuma daga waɗannan alƙaluma za a iya fitar da w na kowane gari.